Sha Bakwai a Gwangwanin Ticha

A ƙasan akwatina, ƙarƙashin zanen da nake zuwa Idi da shi, akwai wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba. Lamba ɗaya ce a jikinta, sha bakwai, an rubuta ta da fensir, an ja mata layi biyu a ƙasa. Ba rubutuna ba ne. Shekara uku ke nan ina yawo da ita, daga unguwarmu Nima zuwa makarantar kwana, daga makarantar kwana zuwa Nima. Duk ƙarshen zango idan na zazzage akwatin sai in ce yau zan jefar da ita, sai kuma in ga na mayar.

'Yan ɗakinmu a nan makaranta sun san ni da ƙara wa labari gishiri. Ni ce na gaya musu cewa ɓerayen babbar kwatar Nima suna yi wa kyanwa sallama kafin su wuce, kuma sauron unguwar Maamobi yakan ɗaga gidan sauro da hannu ɗaya ya leƙa ya ga ko kin yi ƙiba. Wannan labarin dai ban taɓa ba su ba. Na gwada sau biyu, sai in ji na karkace na koma kan ɓeraye.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗaki goma sha ɗaya da tsakar gida guda. Mu muna ɗaki na uku. A ɗakin ƙarshe, kusa da inda ake shanya, akwai wani mai sayar da albasa, mutumin Nijar, da matarsa mai koko da ƙosai, da 'yarsu guda. Yarinyar sa'ata ce kuma ƙawata, ajinmu ɗaya a makarantar midil, benci ɗaya muke zama tun muna 'yan firamare. Ni baki, ita kunne. In na yi ƙarya ita ke rufe fuska da mayafi don kada dariyarta ta tona ni. A duk layinmu mu biyu ne kaɗai 'yan mata da muka kai wannan aji, saboda haka in mun fito da safe cikin rigar makaranta, matan da ke layin famfo sukan bi mu da ido kamar mun ari kayan wani.

Babanta yana da tsohuwa a can garinsu, bayan an wuce Bawku an tsallake iyaka, idonta ya mutu, ba mai ɗebo mata ruwa sai maƙwabta. Tun muna aji ɗaya na midil yake cewa zai tura 'yarsa ta zauna da ita. Ba mugun mutum ba ne. Yakan kawo mana rake, kuma bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Tichanmu ne ya taka har gida wata ranar Asabar, da wandonsa mai kari da lemarsa, ya zauna a kan turmi ya roƙe shi. Na laɓe a bayan igiyar shanya na ji komai. Baban ya ce ya yarda ta zauna jarrabawar shiga sakandare sau ɗaya. In ta ci, zai nemo wata 'yar dangi ta je wa tsohuwa. In ba ta ci ba, za ta bi motar albasa idan za ta koma arewa.

Tichan nan ɗan ƙabilar Ga ne, dogo, ya fara furfura, Hausarsa ta kasuwa ce, komai a wurinsa namiji ne, har mu. Ba ya yawan bulala, abin da ya sa muka fi jin tsoronsa. Yana da wani tsohon gwangwanin biskit a kan teburinsa. A shekarar jarrabawa, kowace Alhamis yakan yi mana gwajin lissafi, tambaya ashirin. Kafin ya juyo da allon da ya rubuta tambayoyin, sai ya raba mana guntayen takardu. Kowa ya rubuta sunansa a baya, a gaba kuma ya rubuta nawa yake ganin zai ci cikin ashirin, ya ninke ya jefa a gwangwani. Ya ce ba addu'a yake so mu rubuta ba, ba kuma abin da muke so ba. Abin da muke gani zai faru. Ran Litinin sai ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye guntuwar takardar kusa da takardar gwajin da ya yi wa maki.

Alhamis ta farko abin da za a gwada mu a kai awon tsawo ne. Wannan kuwa ni ce sarauniyarsa. Kullum da safe ajin gaba ɗaya yakan rera shi da Turanci kamar waƙa: inci goma sha biyu ƙafa ɗaya, ƙafa uku yadi ɗaya, yadi ashirin da biyu cen ɗaya, cen goma falon ɗaya, falon takwas mil ɗaya. Ba wanda ya taɓa ganin cen ko falon a Nima, amma mun rera su har sun zama kamar 'yan uwanmu. Muryata ce ta fi ta kowa. Ina tabbatar muku har ma'aikatan da ke gina gidajen unguwar Kanda sukan ajiye bulo su saurara. Daren Laraba na buɗe littafina na bi misalan da ticha ya yi a allo, ina karantawa ina gyaɗa kai, kowane layi sananne kamar fuskar innata. Na rufe na yi barci mai daɗi.

A guntuwar takardata na rubuta ashirin da ɗaya. Ɗayan na kyan rubutu ne.

Da ya juyo allon, tambaya ta farko ta ce yadi nawa ne a falon uku. Na yi murmushi, na buɗe baki a zuci in rera, sai na ji shiru. Ba aji, ba muryar kowa. Na fara daga inci, na kai yadi, daga nan sai waƙar ta tsinke. Ashirin da biyu ne cen ko goma? Takwas ɗin na wane ne? Lambobin duk suna nan, sai dai sun saki hannun juna. Na leƙa na ga kowa ya sunkuya. Na rubuta wani abu don kada takardar ta ji kunya.

Ran Litinin ya kira ni. Shida na ci. Ya ajiye ashirin da ɗaya kusa da shida, ya daɗe yana kallonsu. Bai yi dariya ba, ni ma da na shirya barkwanci sai ya maƙale. Ya ce in rera masa waƙar ni kaɗai. Na rera, da ƙyar, ina tuntuɓe, amma na kai mil. Sai ya ce in fara daga mil in sauko. Na tsaya kamar an dasa ni.

"Sha biyar ya ɓace tsakanin wannan takarda da wannan," in ji shi. "Kai ka san inda ya tafi?"

Na ce wataƙila ɓera ne ya shiga gwangwanin.

Ya tambaye ni ko ina zuwa makarantar allo. Na ce kowace yamma. Ya ce to, malaminku yakan bar ku ku wanke allo don kun karanta shi kuna kallonsa? Na ce a'a, sai ka kife allon, ka kawo hadda kai kaɗai, kuma ba ranar da aka biya maka ba, sai washegari. Ya ce to me ya sa na ɗauka lissafi ya fi malam sauƙin kai. Ya ce idan littafi yana buɗe, littafin ne ya sani. Idan aji yana rerawa, ajin ne ya sani. Idan shi yana yi a allo ina gyaɗa kai, shi ne ya sani. Abin da ya rage bayan an kife komai an kwana, shi ne nawa, kuma shi kaɗai za a bari in shiga ɗakin jarrabawa da shi.

Maganar ta shige ni, amma ban nuna ba. Na koma benci ina gaya wa ƙawata cewa ticha ya ce ƙwaƙwalwata ta yi wa ajin yawa.

Daga wannan makon na fara wani abu a ɓoye. Akwai wani lungu tsakanin bayan ɗakinmu da katangar kwano ta maƙwabta, inda innata ke ajiye gawayi. Bayan sallar asuba, kafin a aike ni famfo, sai in shiga can da tsohon allon sileti. In kwafi tambaya biyar daga aikin jiya ba tare da amsa ba, in kife littafin in zauna a kansa. In rubuta a kusurwa nawa nake ganin zan ci. Sannan in yi, in buɗe in duba. Ranar farko na ce huɗu, na ci ɗaya. Na yi ƙoƙarin ba wa kaina rabin maki saboda na kusa, sai na tuna gwangwani ba ya ba da rabi. Abin ba daɗi. Karanta littafi a buɗe yana sa ka ji kai malami ne. Wannan kuwa kullum sai ka fito kana jin kai jaki ne mai gawayi a zane. Amma na fara gane wani abu: akwai tambayar da idan na gan ta sai in ji na san ta, akwai kuma wadda hannuna yake iya kai ta ƙarshe, kuma ba koyaushe suke zama ɗaya ba. Waɗanda suka fi yaudarata su ne waɗanda na fi gani.

Lambobina a gwangwani suka sauko. Na ce tara, na ci bakwai. Na ce tara kuma, na ci goma. Na ce sha biyu, na ci sha biyu, ranar ticha ya ɗaga gira ɗaya, wanda a wurinsa daidai yake da a buga maka ganga.

Ban gaya wa kowa batun lungun gawayi ba. Sunana a aji shi ne wadda ba ta karatu amma take ci, kuma ina son sunan nan fiye da yadda nake son ƙosai. Ko ƙawata ban gaya wa ba.

Ita da ni muna da namu karatun. Bayan la'asar, kafin mu tafi makarantar allo, mukan zauna a ƙofar ɗakinsu muna tsince waken ƙosan gobe, littafi a buɗe a kan tabarma tsakaninmu. Ni ke tambaya. In na ce cen nawa ne falon, sai ta ɗaga ido sama, leɓenta yana motsi. Ni kuwa ban iya shiru ba, tun da aka haife ni. Kafin ta numfasa sau biyu sai in ce, "Go..." Sai ta ce goma. In lissafi ne mai tsawo, sai in ce, to ai sai a fara ninkawa da me? In ɗora yatsa a kan layin. Sai ta ƙarasa, daidai kuwa, don ba daƙiƙiya ba ce, ko kusa. Kullum sai ta ce, "Yauwa, ai na sani. Farkon ne kawai ya ɓace mini." Ni ma in ce ai kin sani. Mu yi dariya, mu ci gaba da wake.

Ran Alhamis ma haka. Ba satar amsa muke yi ba, ko dai haka muke gaya wa kanmu. Ba ta taɓa kwafar amsata ba. Sai dai benci ɗaya ne, kuma na iya magana ba tare da leɓena ya motsa ba, baiwar da na yi shekaru ina gogewa a makarantar allo don ceton masu hadda. In na ji fensirinta ya tsaya, sai in yi tari mai kama da "raba", ko in karkata takardata ta ga layin farko kawai. Daga nan ita ke yin sauran da kanta. Saboda haka takan rubuta sha shida ta ci sha biyar, ta rubuta sha bakwai ta ci sha shida. Har takan fi ni, don ta fi ni natsuwa wajen ninkawa, ba ta zubar da lamba a hanya. Wata Litinin ticha ya ɗaga takardunta biyu a gaban aji ya ce ga wanda ya san kansa. Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na fi kowa tafi.

Amma ni da nake shiga lungun gawayi kowace safiya, na san abin da nake gani. Farkon da ke ɓace mata shi ne tambayar gaba ɗaya. Sanin ko ninkawa za a yi ko rabawa, da wace lamba, wannan shi ne abin da ake gwadawa. Sauran aikin hannu ne. Gwangwanin ticha bai yi ƙarya ba, abin da muka zuba masa ya mayar mana. Yana auna mu biyu a haɗe, yana rubuta sakamakon da sunanta.

Sau ɗaya na gwada. Saura wata biyu jarrabawa. Muna tsince wake, na rufe littafin na zauna a kai, na ce yau wasa za mu yi, ba zan ce komai ba. Na ba ta tambaya goma a sileti. Na tambaye ta nawa za ta ci, ta ce takwas, ko tara. Na cusa bakin mayafina a baki na cije. Na ga fensirinta ya tsaya a ta biyu. Ta dube ni. Na dubi wake. Ta sake dubana, irin kallon da yaro ke yi wa uwarsa a tsakiyar kasuwa in ya ga ta yi nisa. Uku ta ci.

Ta riƙe siletin, idonta ya cika. Innarta tana can gefe tana wanke tukunyar koko, babanta kuma ya dawo da wuri, yana alwala a bakin rariya, yana iya jin mu. Abin da ya kamata in faɗa a bakina yake. In ce zo in nuna miki wani lungu. Wata biyu lokaci ne mai yawa, ni a wata biyu na tashi daga shida zuwa sha biyu. Amma in na faɗa, sai na faɗi cewa ina karatu a ɓoye, kuma na daɗe da sanin sha shidanta ba nata ba ne ita kaɗai, na bar ta tana murmushi a gaban aji. Sannan ga hawayen, ga babanta.

Sai na fashe da dariya. Na ce tambayoyin na 'yan sakandare ne, na zaɓo su da gangan don in ga fuskarta, ko ticha da kansa biyar zai ci. Na kwaikwayi yadda zai tsaya yana sosa furfura da lema. Ta yi dariya har ta share ido, ta jefe ni da wake, ta ce Allah ya shirye ni. Tambayoyin daga shafin da muka yi shekaranjiya na ɗebo su.

Saura kwana tara jarrabawa ticha ya ce za a yi gwaji irin na gaske. Aka fitar da bencuna fili ƙarƙashin bishiyoyin dogon yaro, aka aro wasu daga ƙananan azuzuwa, mutum ɗaya benci ɗaya, tsakani taku uku. Ya sa ni a layin gaba, ita a can baya kusa da katanga. Ban sani ba ko ya fara zargi ne ko haka kawai ya zo. Gwangwani ya zagaya. Na rubuta sha uku. Na waiga na ga ta rubuta nata da sauri, ta ja layi biyu, ta ɗaga mini hannu.

Sa'a guda muka yi. Ina aiki ina jin bayana. Na rantse ko yanzu zan iya gaya muku lokacin da fensirinta ya tsaya, duk da tsakaninmu akwai mutum shida da iska da kukan awaki. Na yi tari sau ɗaya, haka kawai, don jiki ya saba. Ticha ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

Washegari ya raba sakamako, bai jira Litinin ba. Na ci sha huɗu. Ita ya kira ta ƙarshe, bayan an tashi, ya ce ni ma in tsaya. Sha bakwai a hagu, biyar a dama. Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya murza idonsa, ya ce laifinsa ne, ya yi wata biyar yana duba takarda bai duba benci ba. Ya ce saura kwana takwas, ba za a iya gyara komai ba, amma za a iya gyara wani abu. Ya ce ta bar duk abin da take ganin ta sani, ta yi gwaji ita kaɗai kowace safiya, ta bi abin da ta faɗi kawai. Ni kuma ya ce, da Hausarsa, "Kai, rufe bakinka. Shi ne taimakon."

A hanyar gida muka kai gadar katako da ke kan kwata. A nan ta tsaya.

"Ran da muke tsince wake," ta ce. "Tambayoyin nan ba na sakandare ba ne, ko?"

Na ce a'a.

"Tun yaushe kika sani?"

Na buɗe baki, kuma wallahi barkwanci ne ya fara zuwa, wani abu game da ɓera. Na haɗiye shi. Na ce tun makon da na ci shida. Ta ƙirga a yatsunta, a hankali, kamar yadda take ninkawa, ba ta zubar da ko ɗaya ba. Ta gyaɗa kai ta wuce gaba.

Washegari da asuba na kai ta lungun gawayi. Wurin bai ishi mutum biyu ba, sai ita ta shiga, ni na tsaya a bakin lungun na juya mata baya, littafin a hammatata. Kwana bakwai muka yi haka. Ban taɓa yin shiru mai tsawo irin wannan ba a rayuwata, har innata ta taɓa goshina ta tambaya ko zazzaɓi ne. Ina jin ƙarar fensir a kan sileti, ina jin ya tsaya, ina ƙirga numfashinta. Wani lokacin yakan daɗe har in ji kamar zan mutu, sai kuma ya ci gaba da kansa. Ranar farko ta ce goma cikin ashirin, ta ci shida. Ta uku ta ce bakwai, ta ci bakwai. Ta ƙarshe ta ce tara, ta ci tara. Ta fito da baƙin gawayi a gwiwa ta ce, ba tare da fushi ba, da ta fara wannan tun ran wake da ta kai sha huɗu. Ba na jin ta yi kuskure. A lokacin ta riga ta iya hasashe.

An yi jarrabawar a wata babbar makaranta cikin gari, muka tafi a motar haya da ticha a gaba yana riƙe da lemarsa. Da muka fito, yara suna ta ihu, kowa ya cinye. Wani yaro ɗan Maamobi yana rantsuwa bai faɗi ko ɗaya ba. Na tambaye ta. Ta ce Turancin ba laifi, lissafin kuwa ta tabbata da ƙasa da rabi kaɗan, akwai uku da take shakka, sauran ba ta taɓa su ba. Ta ce ba zai isa ba. Na fara cewa ai ba a sani ba, wataƙila kowa ya faɗi, wataƙila mai makin zai yi gyangyaɗi. Ta ce, "Bari. Na sani."

A daren ta gaya wa babanta da kanta, ba ta jira sakamako ba. Ya ce a jira dai, alkawari alkawari ne. Muka jira watanni. Ta ci gaba da zuwa makaranta, ta ci gaba da shiga lungun gawayi ita kaɗai ko da ba sauran jarrabawa, kuma kowace Alhamis lambarta a gwangwani tana hawa da ɗaya ɗaya, tana cika daidai. Ta kai sha biyar a makon da takardar sakamako ta zo. Sunana yana ciki, an kira ni ganawar shiga sakandare. Na yaron Maamobi babu. Nata babu.

Ticha ya sake zuwa gidanmu ya zauna a kan turmin nan, ya kawo gwangwanin gaba ɗaya ya zazzage takardunta a gaban babanta, ya ce a ba ta shekara ɗaya kawai. Baban ya saurara har ƙarshe. Ya ce tsohuwarsa ta faɗi a bakin rijiya watan jiya, kuma ya riga ya aika cewa jikarta tana zuwa. Da za su tashi, ƙawata ta durƙusa ta tattara takardun ta mayar a gwangwani, sai guda ɗaya da ta riƙe.

Ran tafiyar da hantsi ne. Motar tana cike da buhunan albasa da babu komai a ciki, an ɗaure su dami dami, ita aka yi mata wuri a kansu kusa da wata mata mai goyo. Na shirya abin dariya tun kwana uku, game da yadda za ta koya wa raƙuma falon da cen. Na faɗa, ta yi dariya da gaske, har ta rufe fuska da mayafi kamar da. Da direba ya tayar da mota sai ta miƙo hannu ta ƙasa, na ɗauka sallama ce. Takardar ce. Har yau ban san ko kyauta ce ko wani abu dabam ba. Na rubuta mata wasiƙa uku ta hannun babanta. Amsa ɗaya ta zo, layi huɗu, tana gaishe ni, tsohuwa tana samun sauƙi, ruwa yana da nisa.

A nan makaranta ba mai gwangwani, ni ke yi wa kaina. Kafin kowane gwaji nakan rubuta lamba a cikin bangon littafi, kuma da wuya in kauce da fiye da biyu. 'Yan ajinmu sun ɗauka duba nake yi, ni kuma na bar su a haka, har na ce musu kakata aljana ce. Akwai wata yarinya 'yar Kumasi da ke zama kusa da ni lokacin bitar yamma, takan ce in yi mata tambayoyi. Jiya na tambaye ta wani abu a kimiyya, ta ɗaga ido sama, leɓenta yana motsi. Harafin farko ya zo mini har bakin haƙori. Na cije mayafi na dubi tebur. Ta ce don Allah farkon kawai, ai ta sani. Na ce ina jira.

Ta yi fushi, ta ce ni muguwa ce. Muka zauna a haka, tana kallon silin, ni ina ƙirga numfashinta, kuma ƙamshin da nake ji a ɗakin na ɗanyen wake ne da gawayi.